Yadda ake rubuta saƙon rangwamen ƙarshen shekara ba tare da ƙaryar "kaya sun kusa ƙarewa" ba

Duk ƙarshen shekara masu shaguna a Babbar Kasuwar Sakkwato da matan da ke sayar da kaya daga gida a Mabera, Arkilla da Runjin Sambo suna maimaita tambaya ɗaya: yaya za a sa mutane su zo su saya da wuri ba tare da an ce "saura biyu" alhali sito cike yake ba? Amsar ita ce adadi na gaskiya da ranar rufewa ta gaskiya sun isa su motsa mai saye, amma sai an yi aikin ƙirga kafin a taɓa waya. Za mu bi misalin shago ɗaya mai sayar da atamfa daga farko har ƙarshe. Kuɗaɗen da za a ambata na misali ne, kowa ya sa nasa.

Kayan aikin ba su da yawa: littafi ɗaya mai layi, biro, takardar liƙawa ko alli na sa wa kaya alama, waya mai WhatsApp, da mutum ɗaya tak da aka ɗora wa riƙon littafin.

1. Ƙirga kayan da hannu, ba daga littafi ba

Ka yi wannan kwana ɗaya ko biyu kafin fara rangwamen, bayan an rufe shago ko da sassafe kafin masu saye su fara shigowa. A sauko da kowane turmi, a buɗe shi, a duba. Littafin saye da sayarwa yakan saɓa da abin da ke kan kanta, domin an ba da bashi ba a rubuta ba, ko an yi musanya, ko maigida ya ɗauki turmi biyu ya kai gudummawar biki.

A misalinmu littafi ya ce turmi 64, amma da aka ƙirga 61 aka samu. Daga 61 ɗin nan za a cire kashi uku. Na farko, masu aibi: turmi 4 da rana ta ci bakinsu a inda aka rataye su, ko ƙurar hunturu ta bar musu layi a wurin ninki. Na biyu, turmi 6 da wasu suka riga suka biya ba su zo ɗauka ba, waɗannan ba naka ba ne kuma. Na uku, turmi 3 da za ka ajiye gefe saboda canji ko kuskuren lissafi. Abin da ya rage shi ne 48, kuma wannan ne kaɗai adadin da ya halatta ya shiga saƙonka.

Kada ka tsaya a jimla. Ka raba ta bisa zane, ka ba kowane zane lamba: na 1 turmi 14, na 2 turmi 11, na 3 turmi 9, na 4 turmi 7, na 5 turmi 5, na 6 turmi 2. Mai saye ba "atamfa" take nema ba, zanen da ta gani a hoto take nema.

Gargaɗi: ukun da aka ajiye gefe ba dabara ba ce ta fito da su a ƙarshe a ce "mun samo wasu". Idan ba a buƙace su ba har ranar rufewa kuma kana son sayar da su, ka faɗi haka kai tsaye: "Turmi 3 da muka ajiye don canji, yanzu mun saka su." Masu aibin kuma a sayar da su daban, da hoton aibin da farashinsu daban.

2. Tsayar da tsohon farashi na gaskiya

A nan ne mafi yawan 'yan kasuwa ke zamewa ba tare da sun ɗauki abin a matsayin ƙarya ba. A kasuwarmu kaya suna da farashi biyu, wanda ake fara faɗa da wanda ake sallamawa. Idan kakan ce wa mai saye naira 14,000 amma kullum a 12,000 kake sallamawa, to tsohon farashin turmin 12,000 ne. Wanda ya rubuta "da 14,000, yanzu 10,500" ya ƙara wa ragin naira 2,000 da babu su, kuma duk wadda ta taɓa saye a wurinsa a watan Nuwamba ta san haka. Ka duba littafi ka ga kuɗin da ka riƙa karɓa a makonni huɗu zuwa shida da suka wuce, shi za ka rubuta.

Sai lissafin abin da za ka iya ɗauka. A ce ka saro turmi a 9,000 daga Kantin Kwari, kuɗin mota da dako suka ɗora 300, ya tsaya maka a 9,300. Idan ka sayar a 10,500 ribarka 1,200 ce a kowane turmi, wato 57,600 idan duka 48 suka tafi. Ragin da ka yi 1,500 ne a turmi. Ka rubuta shi haka da naira, ya fi "kashi kaza cikin ɗari" sauƙin ganewa, kuma ba ya jawo gardama. Ka yanke tun yanzu wanda zai biya ɗan kabu-kabun da zai kai kaya da cajin POS. Idan ka yi alkawarin kaiwa kyauta kuma kowace tafiya tana cin 700, ribar turmi ɗaya ta koma 500, kuma a nan ne mutum ke fara neman hanyar janye maganarsa.

Gargaɗi: kada ka rubuta "har rabin kuɗi" don kawai akwai turmi biyu masu tabo da ka karya wa farashi. Bayan zubar da mutunci, dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana yi wa mai saye bayanin da zai ruɗe shi game da kaya ko farashinsu.

3. Zaɓi ranar rufewar da za ka iya cikawa

Kafin ka zaɓi rana ka amsa wa kanka wannan: me zai faru da farashin washegarin ranar? Idan amsar ita ce zai koma 12,000, kana da wa'adi na gaske. Idan a zuciyarka ka san za ka ci gaba da sayarwa a 10,500 har kayan su ƙare, to kada ka sa rana ko kaɗan, ka rubuta "har sai turmi 48 ɗin sun ƙare". Duka biyun halal ne. Abin da ba ya kyau shi ne sa ranar da kai kanka ba ka yi niyyar tsayawa a kanta ba.

Wa'adi yana buƙatar abu uku, sunan rana da kwanan wata da ƙarfe nawa. "Zuwa ƙarshen wata" ba wa'adi ba ne, haka "nan da kwana uku", domin saƙon zai yi ta yawo daga waya zuwa waya kuma wanda ya gan shi ranar Alhamis bai san an rubuta shi ranar Litinin ba. "Bayan la'asar" ma yana jawo rigima, wani zai zo dab da magariba ya ce ai har yanzu bayan la'asar ne. Shagon misalinmu zai fara ranar Asabar 20 ga Disamba, ya rufe ranar Talata 30 ga Disamba da ƙarfe 5 na yamma. An bar ranar 31 don ƙirgar ƙarshen shekara, kuma wannan dalili ne na gaskiya da za a iya faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Akwai wa'adi na biyu da ake yawan mantawa, na masu saye daga nesa. Wanda ke Illela, Tambuwal, Birnin Kebbi ko Gusau ta mota za a aika masa, don haka ranarsa ta ƙarshe ta riga ta 'yan cikin gari. A sa Litinin 29 ga wata da ƙarfe 12 na rana, domin a samu kai kaya tasha a ranar. Ka tuna kuma 25 da 26 ga Disamba ranakun hutu ne, bankuna a rufe suke, idan kuɗin wani ya maƙale babu ofishin da zai je sai an dawo aiki. Saboda haka ka yanke tun farko cewa wanda ya tura kuɗi kafin wa'adi kuma ya nuna shaida zai samu farashin rangwame idan kuɗin suka shigo daga baya.

4. Kafa dokar "ajiye mini"

"Don Allah ajiye mini biyu, gobe zan turo." Wannan jimlar ce ke lalata lissafin kaya fiye da komai. Idan ka cire su daga adadi kuma ba a biya ba, ka nuna wa jama'a ƙaranci da babu shi. Idan ba ka cire ba ka sayar wa wani, ka saɓa alkawari.

Mafita ita ce layi uku a littafi ga kowane zane: an biya, an riƙe, saura. "An biya" na nufin ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Hoton rasit ko saƙon alat ba su isa ba, ana ƙirƙirarsu. "An riƙe" yana da iyaka da ka sanar tun a saƙon farko, misali awa 3 ba tare da kuɗi ba, ko kwana biyu ga wanda ya ba da kafin alƙalami na 3,000. A rubuta sunan mai riƙon da lokacin da riƙon zai ƙare a takarda a liƙa a jikin turmin. Lokaci na cika a tura masa saƙo ɗaya, in bai amsa ba kayan su koma layin "saura". Ka kuma faɗi ko ana mayar da kafin alƙalami idan mutum ya fasa, kafin ka karɓa, ba bayan ya fasa ba.

Gargaɗi: shago da waya daga kanta ɗaya suke ci. Idan yaron shago ya sayar da turmi ga wanda ya shigo da ƙafa bai faɗa wa mai riƙe da waya ba, za a sayar da turmi ɗaya sau biyu. Duk ciniki ya bi ta hannun mai littafi kafin a sa kaya a leda.

5. Rubuta saƙon farko

Saƙon ya ƙunshi abin da ake sayarwa, adadi, tsohon farashi da sabo, wa'adi, dokar riƙo, da gaskiyar ko kayan za su sake zuwa. Ga yadda na shagon misalinmu zai kasance:

"Assalamu alaikum. Rangwamen ƙarshen shekara a kan atamfa, turmi mai yadi 6. Da muna sayarwa 12,000, yanzu 10,500. Turmi 48 ne a wannan farashi, zane shida: na 1 akwai 14, na 2 akwai 11, na 3 akwai 9, na 4 akwai 7, na 5 akwai 5, na 6 akwai 2. Daga Asabar 20 ga Disamba zuwa Talata 30 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma, ko kuma idan sun ƙare kafin nan. Masu son a aika musu wajen gari su biya kafin Litinin 29, ƙarfe 12 na rana, kuɗin mota nasu ne. Muna riƙe wa mutum kaya na awa 3. Bayan wa'adi farashi zai koma 12,000."

Jimlar sake zuwan kaya ita ce mafi buƙatar kula, domin "saura biyu a shagonmu" daban, "ba za a sake samu ba" daban. Na farko ka ƙirga ka sani. Na biyu magana ce a kan kamfani da dillalan Kano, kuma da wuya ka san ta tabbas. Idan ka riga ka yi odar zane na 1 kuma yana hanya, ka rubuta: "Zane na 1 zai sake zuwa a Janairu, amma ba a farashin rangwame ba." Wasu na tsoron wannan zai sa mutane su jira. Ba ya hana ciniki, domin dalilin saye yanzu shi ne ragin 1,500, kuma shi gaskiya ne. Idan ba ka da niyyar sake saro wani zane, ka ce "ba za mu sake kawo shi ba", ka tsaya a kan abin da ke hannunka. Haka batun "kaya za su yi tsada a sabuwar shekara": in dillalinka bai ba ka sabon farashi ba, kada ka rubuta.

Gargaɗi kan hoto: kada ka sa zane na 6, mai turmi biyu kacal, ya zama babban hoton tallar don ya fi kyau. Mutum ashirin za su zo dominsa, goma sha takwas su ji an jawo su ne da abin da babu. Kowane hoto a rubuta lambar zanen da adadinsa da kwanan wata a jikinsa, ba a ƙarƙashinsa kawai ba, saboda masu ɗaukar hoton allo su tura wa wasu sukan yanke rubutun ƙasa.

6. Sabunta adadi a lokuta sanannu

Sau biyu a rana ya isa, da safe idan an buɗe shago da kuma yamma kafin a rufe. Kowane saƙo ya ɗauki lokacin da aka ƙirga: "Litinin 22 ga Disamba, ƙarfe 4:30 na yamma. An biya 19, an riƙe 4, saura 25. Zane na 6 ya ƙare. Zane na 5 saura 1." Ka lura lissafin ya cika 48. Masu saye suna haɗa lissafi, musamman matan da ke shirya ankon biki suna neman turmi goma iri ɗaya. Wanda ya ce "saura 5" ranar Litinin sannan ya sake cewa "saura 5" ranar Alhamis bayan ya yi ta sa hotunan alat, ya tona wa kansa asiri, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan adadi ya ƙaru, a faɗi dalili: "Zane na 3 ya koma 4 daga 2, mai riƙo ta fasa." Idan kuma ciniki bai tafi ba, kwana huɗu an sayar da shida kawai, ba dole ba ne ka yi shelar hakan sau biyu a rana. Kana iya rubuta "duk zanuka shida suna nan" ka yi shiru a kan jimla. Yin shiru a kan adadi ba laifi ba ne, rage shi da baki shi ne laifi. In an tambaye ka kai tsaye, ka faɗi gaskiyar.

Status na WhatsApp yana zama awa 24, saboda haka na safe yana nan lokacin da ka sa na yamma. Ka goge tsohon da hannu, in ba haka ba mutum zai ga adadi biyu masu karo da juna. Jerin Broadcast yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon yana isa ne kawai ga waɗanda suka adana lambarka. Wannan na nufin ba kowa ne ya ga gyaran da ka tura ba, don haka duk wanda ya yi magana a sake faɗa masa adadin yanzu kafin ya tura kuɗi. Saƙon kai-tsaye ga mutane kuwa uku sun isa a duk tsawon rangwamen: na buɗewa, na tuni kwana biyu kafin rufewa, da na ranar ƙarshe. "Yau ce rana ta ƙarshe" sau ɗaya ake rubuta ta, ranar 30.

7. Daidaita bakin yaran shago da masu tallata maka

Saƙonka na iya zama tsaf amma a ɓata shi a bakin kanta. Ka zaunar da yaranka kafin a fara, ka hana su jimloli uku da kowa ya san su: "shi ke nan ya rage" alhali akwai wasu a ciki, "yanzu wata Hajiya ta ce a ajiye mata" alhali babu wata Hajiya, da rantsuwa a kan adadi ko kuɗin sari. Ka ba su abin da za su faɗa a madadinsu: "Hajiya, wannan zanen saura bakwai, ragin kuma zai ƙare ranar Talata ƙarfe biyar." Idan yaro yana samun la'ada a kan kowane turmi, shi ne ya fi shiga jarabar ƙara gishiri, sai ka fi sa masa ido.

Masu ɗaukar hotunanka su tallata a nasu wayoyin su ɗora riba, a tura musu saƙon yamma kullum, a kuma shaida musu kada su karɓi kuɗin kowa sai sun kira sun tabbatar kayan na nan.

8. Idan an sayar da abu ɗaya ga mutum biyu

Wanda kuɗinsa suka riga shiga shi ke da kaya, lokacin yana nan a bayanin asusu. Na biyun a kira shi a waya, ba saƙo ba, a ranar. Idan akwai irin zanen cikin ukun da aka ajiye gefe, an huta. In babu, a ba shi zaɓi: wani zane a farashin rangwame, ko kuɗinsa cif a ranar ba tare da cire caji ba. Kada ka riƙe kuɗin mutum da sunan "wasu na hanya" sai in shi ya zaɓi jira kuma ka faɗa masa ranar da kake sa ran isowarsu.

9. Rufewa, da batun ƙarin lokaci

Ƙarfe 5 na ranar Talata ka goge duk tallar rangwame, ka sa saƙo ɗaya: "Rangwame ya ƙare. An sayar da 41, saura 7, farashi ya koma 12,000. Mun gode." Washegari wani zai zo ya ce, "Alhaji, jiya-jiya fa aka rufe, a yi mini a tsohon kuɗin." Idan ka yi wa duk wanda ya roƙa, waɗanda suka yi ɗawainiyar haɗa kuɗi kafin Talata su ne aka cuta, kuma baɗi babu wanda zai ɗauki ranarka da muhimmanci. Waɗanda za a yi wa uzuri su ne waɗanda dokar rangwamenka ta riga ta ambata: mai shaidar tura kuɗi kafin wa'adi, da mai kafin alƙalamin da riƙonsa bai ƙare ba.

Ƙarin lokaci yana halatta idan wani abu na zahiri ya ci kwanakin, kamar an rufe shago kwana biyu saboda rasuwa, ko tura kuɗi ya ƙi tafiya yini guda. A yi shi sau ɗaya, a sanar kafin wa'adin farko ya cika, a faɗi dalili da sabuwar rana, kuma a tura wa kowa. "Saboda yawan roƙon jama'a" ba dalili ba ne idan gaskiyar ita ce kaya ne suka ƙi tafiya.

Turmi bakwai ɗin da suka rage su koma kanta a 12,000. Idan bayan wasu makonni ka ga dole ka karya su don kuɗinka su fito, wannan sabuwar sanarwa ce da nata adadin: "Ragowar turmi 7, zane na 1 da na 2 kawai, 9,800." Saboda yiwuwar haka ne ba a rubuta "ba za ku sake ganin wannan farashi ba" a saƙon Disamba. Ranar 31 a sake ƙirga kanta da hannu, a gwada da layuka ukun littafi, a rubuta zanen da ya riga ƙarewa da ranar da ya ƙare, domin da shi za a san yawan abin da za a saro na gaba.